Takardar Ajiye Aiki ta Ma'aikaciyar Jinya Mai Tafiya Ƙaro Karatu

Takardar ajiye aiki da ma'aikaciyar jinya ke rubutawa idan za ta tafi ƙaro karatu ba ta cika wuce shafi ɗaya ba, amma ayyuka biyu take yi a lokaci guda. Tana sanar da hukumar asibiti ranar da yarjejeniyar aiki za ta ƙare, tana kuma yi wa ɗakin da aka yi aiki a cikinsa godiya da ban kwana. Mutane sun fi ɓata lokaci wajen tsara kalaman godiyar. Sai dai idan rigima ta taso daga baya a kan albashi ko bashi ko takardar shaida, ba wanda zai koma ya karanta godiyar. Abin da za a nema shi ne kwanan wata biyu: ranar da takardar ta shiga hannun hukuma, da ranar da mai ita ta ce za ta yi aikinta na ƙarshe.

Kafin a ɗora biro a kan takarda akwai tambayar da ta riga komai, wato ko ajiye aikin ya zama dole. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi hutun ƙaro karatu mai albashi da marar albashi, kuma jihohi suna da makamancinsa. Mai albashi ana ba wa wanda aka riga aka tabbatar da shi a aiki, abin da a ƙa'ida ke zuwa bayan shekara biyu na gwaji, kuma sai karatun ya shafi aikin da yake yi. A madadin haka yana sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa asibitin aiki na wani lokaci. Marar albashi ba kuɗi a cikinsa, amma kujerar mutum tana nan, lambar fayil ɗinsa tana nan. Yawancin kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, irin jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da irin wannan hutu ake zuwansu. Akwai kuma digirin jinya da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello ke yi, wanda an tsara shi ne don masu aiki su yi ba tare da sun bar bakin aikinsu ba.

Saboda haka wadda ta kai ga rubuta takardar ajiye aiki yawanci ɗaya ce daga cikin mutum uku. Ko ba a tabbatar da ita ba tukuna, ko ta nemi hutun an hana ta domin ɗakin ba ma'aikata, ko kuma a asibiti mai zaman kansa take inda babu wannan tanadi gaba ɗaya. Dalilin dagewa a kan wannan tambaya shi ne takardar ba ta da linzamin juyawa. Kotunan Najeriya, tun daga shari'ar Benson da Onitiri a 1960, sun tsaya a kan cewa ma'aikaci yana da cikakken ikon ajiye aiki, kuma mai aiki ba shi da hurumin ƙin karɓa. Wannan kariya ce ga nas ɗin, domin shugaban asibiti ba zai iya danne takardarta ya ce bai amince ba. Amma ta ɗaya ɓangaren, da zarar takardar ta isa, janye ta sai da yardar hukuma. Idan hukuma ta ƙi, aiki ya tafi, kuma dawowa sai an sake neman ɗauka daga tushe.

Shi ya sa ganin suna a jerin waɗanda aka ɗauka bai isa dalilin rubuta ta ba. Sai takardar shiga makaranta ta zo hannu, an san ranar rajista, an san inda kuɗin makaranta zai fito. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk nas ɗin da ta ajiye aiki a farkon wannan shekarar don shiga jami'ar gwamnati, zaman gida ta yi babu aji babu albashi, ta saki reshe ta kama ganye.

Idan an yanke shawara, sai lissafin wa'adi, wanda ma'aikata suka fi kira notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya jera mafi ƙarancinsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Nas da yawa suna jin wannan su ɗauka ya shafe su kai tsaye. Ba lallai ba ne. Dokar ta cire masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da take magana a kansa, don haka abin da ke hukunci a kan ma'aikaciyar jinya shi ne takardar ɗaukarta aiki da littafin sharuɗɗan aikin asibitin. A wurare da yawa wata ɗaya ne. Wasu asibitocin suna neman wata uku daga manyan ma'aikata. Hanya ɗaya ce ta sani: a ciro takardar ɗaukar aikin daga inda aka adana ta, a karanta sakin layin da ya yi maganar rabuwa. A nan ne kuma za a ga ko an yarda a biya albashin wa'adin a maimakon zaman sa.

A ɗauki misalin wata nas a ɗakin yara na wani babban asibiti a Arewa. Shekararta huɗu a aiki. Ta samu gurbin digirin jinya a jami'a, za ta shiga daga aji biyu saboda tana da rajistar jinya, wato shekara huɗu ke gabanta. Ta nemi hutun karatu ba ta samu ba. Rajista za ta fara ranar 3 ga Nuwamba, takardar ɗaukarta aiki kuma ta ce wata ɗaya. Tana so ta yi aikinta na ƙarshe ranar 31 ga Oktoba domin albashin watan ya cika. A al'adar lissafin notis ba a ƙirga ranar da aka miƙa takarda, don haka ranar ƙarshe da za ta iya miƙawa wata ya cika ita ce 30 ga Satumba. Idan ta makara har 6 ga Oktoba, wa'adinta ya zarce zuwa 6 ga Nuwamba, ya shiga cikin kwanakin rajista. Daga nan ko ta biya kuɗin da sharuɗɗan aikin suka ce, wanda a wasu wuraren albashin wata guda ne cur ba na kwana shidan da suka rage ba, ko ta roƙi a yafe mata, ko ta tafi haka nan ta bar baya da ƙura.

Amma 30 ga Satumba iyakar doka ce kawai, hankali ya fi son a riga ta. Shugabar ɗaki tana tsara jadawalin aikin wata mai zuwa tun kafin wanda ake ciki ya ƙare: wa zai yi safe, wa zai yi yamma, wa zai yi dare, wa zai tafi hutu. Satumba da Oktoba kuwa, a ɗakin yara na Arewa, lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, lokacin da ake kwantar da yara biyu a gado ɗaya, ga masu jijjiga ga masu jiran ƙarin jini. Cire mutum ɗaya daga jerin masu aikin dare a irin wannan lokaci yana nufin wata ce za ta ninka nata. Idan nas ɗin ta miƙa takardarta ranar 15 ga Satumba ta rubuta 31 ga Oktoba a matsayin ranar ƙarshe, ba ta yi asarar komai ba, domin ba a hana ba da wa'adin da ya fi na ƙa'ida tsawo ba. Ta kuma ba shugabar jinya mako shida ta nemo wadda za a turo daga wani ɗakin.

Ladabi ya nuna shugabar ɗaki ta fara jin maganar daga bakin mai tafiya, a ofishinta, kafin ta ga takarda kuma kafin ta ji a bakin wasu. Ita takardar, sunan ofishin shugaban asibiti take ɗauka, amma ba kai tsaye take zuwa wurinsa ba. Tana bi ta hannun shugabar ɗaki, sannan shugabar sashen jinya, kowacce ta sa hannu da kwanan wata ta tura gaba, har ta isa ofishin mulki. A nan ne takardu ke kwana. Takarda tana iya yin mako biyu a cikin aljihun teburin wadda ta tafi taro, mai ita tana can tana ƙirga kwanaki alhali a idon ofishin mulki ba a fara ƙirgawa ba. Maganin wannan shi ne a buga kwafi uku. Ɗaya ya bi hanyar da aka saba. Ɗaya a kai rajista kai tsaye a matsayin kwafin sanarwa. Na ukun a sa ma'aikacin rajista ya buga masa hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannunsa, a koma da shi gida, a ɗauki hotonsa a waya. Wannan kwafin mai hatimi ya fi duk wata amsar baka daraja. Saƙon waya zuwa ga shugabar ɗaki, ko da ta amsa da fatan alheri, ba notis ba ne.

A asibitocin Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma ginin ta ɗaya ne ko da wane harshe. A sama akwai adireshin mai rubutu da kwanan wata, sai ofishin da aka nufa da ofisoshin da za ta bi, sai kanu mai ɗauke da cikakken suna da lambar fayil da muƙami. Jikinta a misalin nas ɗin ɗakin yara zai iya zama kamar haka:

"Ranka ya daɗe,

Ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na jami'ar jinya a ɗakin yara na wannan asibiti. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba. Wannan takarda ita ce notis ɗin da takardar ɗaukata aiki ta shar'anta, kuma ta haura wata ɗayan da aka nema.

Dalilina shi ne na samu gurbin karatun digirin jinya na cikakken lokaci, wanda zai fara a watan Nuwamba. Na haɗa kwafin takardar shiga makarantar.

Ina godiya ga hukumar asibiti da ta ba ni damar yin aiki na shekara huɗu. Ina godiya ta musamman ga shugabar ɗakin yara da abokan aikina nas-nas da likitoci da masu shara da masu tura marasa lafiya. A ɗakin nan na koyi samo jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, na kuma koyi yadda ake yi wa uwa bayani cikin dare ba tare da an ƙara mata tashin hankali ba. Da wannan zan shiga aji.

Kafin ranar tafiyata zan miƙa duk kayan da ke hannuna a rubuce, in kammala zagayen sallama. Ina roƙon a ba ni amsar wannan takarda a rubuce, tare da takardar shaidar shekarun da na yi ina aiki.

Na gode."

Sai sa hannu da suna da lambar waya da adireshin da za a same ta bayan ta tafi.

Jimla ta biyu ita ce ƙashin bayan takardar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "nan da wata ɗaya" ko "ƙarshen wata mai zuwa" ba tare da kwanan wata ba, sai ofishin albashi ya yi nasa lissafi, mai takarda ta yi nata, su saɓa da kwana goma. Kuskure na biyu shi ne a mayar da sanarwa roƙo, a ce ana neman izinin ajiye aiki idan hukuma ta ga dama. Kunya ce ke jawo wannan, amma yana buɗe ƙofar a ce ai ba a ba da izinin ba tukuna. Girmamawa tana cikin gaisuwa da godiya, ita kuwa ranar tafiya faɗar ta ake yi. Faɗin dalili ba dole ba ne a doka. Sai dai a nan yana da amfani, domin fayil ɗin zai nuna karatu ne ya raba, ba faɗa ko tuhuma ba, kuma wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyar bai san kowa a cikin labarin ba.

Godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta ambaci abu ɗaya ko biyu na gaske da aka koya. Jera kalaman yabo ba ya barin komai a ran mai karatu, amma shugabar ɗakin da ta tsaya a kan sabuwar nas har hannunta ya daina rawa wajen sa allurar ƙarin ruwa za ta gane kanta a layi ɗaya. Ambaton masu shara da masu tura keken marasa lafiya shi ma ba ado ba ne. Duk wanda ya yi aikin dare ya san su ake aika karɓo jini daga ɗakin gwaji ƙarfe biyu na dare. Abin da ba ya shiga takardar ko kaɗan shi ne sunan marar lafiya ko labarin da za a iya gane shi da shi, domin sirrin marar lafiya ba ya ƙarewa da ƙarewar aiki. Ƙorafi ma ba wurinsa ba ne. Idan akwai alawus da ba a biya ba ko ƙarin girma da aka danne, a rubuta masa tasa takardar daban, ko a bi ta ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma. Haɗa shi da takardar ajiye aiki yana sa a karanta ta a matsayin ta fushi, ita kuma ke zama shafi na ƙarshe a fayil.

Akwai kuma batun neman yafiya, wanda Bahaushe ba ya rabuwa da abokan zama sai ya yi. Wurinsa shi ne ɗakin, a baki, ranar ban kwana: "Sista, duk wadda na ɓata wa ta yafe mini, ni ma na yafe." A takardar hukuma kuwa a yi hattara. Jimlar da ke cewa a gafarta kurakuran da aka yi wa marasa lafiya, da kyakkyawar niyya aka rubuta ta, amma a fayil tana iya zama kamar amsa laifi idan wani ƙorafi ya taso bayan an tafi.

Watan notis watan aiki ne cikakke. Wadda ta miƙa takarda ta daina zuwa, a dokokin aikin gwamnati ta yi fashin aiki ba da izini ba, babban laifi ne da ke iya kaiwa ga kora, sai fayil ya rufe da kora a maimakon ajiye aiki. Kada kuma a ɗauka hutun shekara da ba a ci ba zai cike wa'adin da kansa. Dokokin tarayya sun ce mai ajiye aiki na iya rasa haƙƙinsa na hutun, don haka wadda ke so ta ci nata, ta nema a amince mata a rubuce kafin ta miƙa takardar.

A makon ƙarshe ake miƙa kaya. Mafi nauyinsu shi ne kabad ɗin magunguna masu tsauraran ƙa'idoji, irin su fetidin da mofin, idan mabuɗinsa ya taɓa zama a hannunta. Ana ƙirga kowace kwalba a gaban shaida, a gwada da abin da littafin ya nuna ya rage, su biyun su sa hannu. Idan littafi ya ce goma sha biyu aka samu goma sha ɗaya, ranar ake bin sawu, tun ana iya tuna wanda aka yi wa allurar aka manta ba a rubuta ba. Bayan wata biyu ba mai tunawa, kuma wadda ba ta nan ita ake ɗora wa. Haka ake bi da sauran kayan ɗaki da aka rubuta da sunanta, na'urar awon jini da ta awon sukari da 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar numfashi. Sai takardar miƙa aiki mai bayyana abin da ke tafe: yaran da ake jiran sakamakon gwajinsu, kayan da aka nema daga sito ba su iso ba, ɗaliban jinya da take duba littafinsu.

Zagayen sallama ya fi cin lokaci fiye da yadda ake zato. Fom ne da ake kaiwa ofis-ofis, sito da ɗakin magani da ofishin kuɗi da na gidaje da ƙungiyar adashin ma'aikata, kowa ya sa hannu cewa ba ya bin ta komai. A nan tsofaffin basussuka ke fitowa: rancen ƙungiya da ake cira daga albashi, tsayawa da ta yi wa wata a matsayin mai lamuni, ko yarjejeniyar wani kwas da asibiti ya taɓa tura ta wanda shekarun biyansa ba su cika ba. Wannan ta ƙarshen ita ce mai tsada, domin ana iya neman ta mayar da kuɗin da aka kashe mata, kuma masu lamuninta za a bi idan ba a same ta ba. Wani abin da ke faruwa shi ne albashi ya ci gaba da shigowa bayan ranar ƙarshe saboda ba a cire suna da wuri ba. Kuɗin ba nata ba ne. A sanar da ofishin kuɗi a rubuce, a bar shi a asusu har a faɗi inda za a mayar.

Abubuwa biyu ba sa tafiya da aikin. Na farko fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun ajiyar na ma'aikaciya ne ba na asibiti ba, yana nan da lambarsa har ta samu sabon aiki ta ci gaba da zubi a cikinsa. Dokar ta kuma ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, kuma daga cikin takardun da kamfanin fansho zai nema akwai amsar da hukuma ta ba wa takardar ajiye aikin. Ma'aikatan jihohin da ke da nasu tsarin fansho, kamar Kano da Jigawa, hukumar fanshon jiharsu za su tambaya. Na biyu lasisi. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da shi, ana sabunta shi lokaci-lokaci bayan halartar kwas ɗin ƙara wa juna sani na dole. Mai karatun shekara huɗu lasisinta zai ƙare tana makaranta, kuma sabuntawar a kanta take tunda ba ofishin da zai tuna mata.

Takardar shaidar aiki ita ce abu na ƙarshe da za a karɓa, kuma gara a karɓe ta tun ana nan. A Fabrairun 2024, lokacin da Majalisar ta fitar da sabbin ƙa'idojin tantance takardun masu neman fita waje, cikin abin da ta nema akwai shekara biyu na aiki bayan kammala karatu da takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki. Nas-nas sun yi zanga-zangar adawa da ƙa'idojin a Abuja da Legas. Ko ba don fita waje ba, makarantun ƙwarewa da sabon wurin aiki suna neman shaidar shekarun da aka yi da ɗakunan da aka zauna. Takardar ta ƙunshi ranar kama aiki, ranar barinsa, muƙamin ƙarshe da sassan da aka yi aiki, a kan takarda mai tambarin asibiti da sa hannun jami'in da ke da ikon sa wa.